Shekara 11 a aikin gwamnati, ga tayin aiki a Dawanau: in ajiye ko in daure?

Abban Khadija:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don abin ya hana ni barci. Akanta ne ni a wata hukumar gwamnatin tarayya nan Kano, shekarata 11, ina mataki na 10. Abin da ke shigo mini a wata N232,000 ne bayan an cire komai, har da N40,000 na bashin ƙungiyar ma'aikata, wanda saura wata 11 in gama. Albashi ba ya tsallake wata, wannan gaskiya ce. Amma wallahi tun daren Lahadi ƙirjina ke fara nauyi. Shekara biyu ke nan da aka kawo mana wani shugaban sashe. An janye duk aikin da na iya an ba wasu, ina wuni a teburi ba fayil ko ɗaya, sai ƙarshen wata a turo mini takardun kashe kuɗi a ce in sa hannu, alhali ban ga kayan da aka ce an saya ba. Sau biyu na ƙi, tun daga nan ko gaisuwata ba a amsawa. Likita ya ɗora ni a kan maganin hawan jini ina ɗan shekara 39.

To ga wani Alhaji mai fitar da riɗi da zoɓo daga Dawanau, abokin marigayi mahaifina ne, ya ce in zo in riƙe masa lissafi da sito. Zai ba ni N420,000 a wata da kashi 5 cikin 100 na ribar shekara. Yana so in fara a Oktoba kafin kakar riɗi ta kankama. Ina da mata ɗaya, 'ya'ya huɗu, ga mahaifiyata a hannuna. Me kuka gani?

Baba Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam. Yaro, kada ka saki reshe ka kama ganye. Shekara 35 na yi ina aikin gwamnati, na ga shugabanni iri iri, wanda ya fi naka mugunta ma na gani. Duk sun tafi sun bar ni a kujerata. Shugaba baƙo ne, gobe takarda ɗaya za ta ɗauke shi. Mutum nawa ne a garin nan ke yawo da takardu suna neman irin gurbin da kake son zubarwa? Ka yi haƙuri.

Sadiƙ Naibawa:
Baba, a gafarce ni, amma zamaninku daban. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, wane ne N232,000 ke riƙewa da 'ya'ya huɗu? Yaya, ni dai na ce ka tafi. Kusan ninki biyu ne fa. Kuma kana ajiyewa ka je ka kwashe kuɗin fanshonka duka ka yi jari da su.

Hajiya Akanta:
Sadiƙ, tsaya, maganar fanshon nan ba haka take ba, kada ka sa bawan Allah ya yi lissafi da kuɗin da ba zai gani ba. A dokar fansho ta 2014, wanda bai kai shekara 50 ba kuma ya bar aiki, kashi 25 cikin 100 kawai zai iya cira daga asusunsa, shi ma sai ya yi wata huɗu bai sami wani aiki ba. Abban Khadija kuwa daga wannan aiki zai faɗa wancan ne. Kuɗin suna nan da sunansa, ba za su ɓata ba, asusun yana bin mutum duk inda ya koma, amma ba jari ba ne.

Sannan maganar ninki biyu. Abban Khadija, ɗauko biro mu yi tare. Albashinka na gaskiya ba N232,000 ba ne, N272,000 ne, domin bashin nan ƙarewa zai yi. Da wannan za ka auna.

Yanzu ka zo kan N420,000. A inda kake, ana cire maka kashi 8 gwamnati na ƙara kashi 10, duk suna shiga asusun fanshonka ba tare da ka ji ba. Idan Alhaji ba ya zuba wa ma'aikatansa, kai za ka riƙa ware wannan da hannunka, mu ce N45,000. Sai inshorar lafiya ta NHIA, wadda ke ɗauke da kai da matarka da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Ranar da ka ajiye aiki ta tafi, ga ka da maganin hawan jini na kullum. Ka ware aƙalla N25,000. Sai mai. A ina kake zaune?

Abban Khadija:
A Hotoro nake, Hajiya. Ofis ɗinmu minti goma ne a mota.

Hajiya Akanta:
To ka ga. Daga Hotoro zuwa Dawanau sai ka keta gari ka hau titin Katsina, kullum, har Asabar. Ka sa ƙarin N45,000 na mai da gyaran mota, kuma na yi maka sauƙi. Jimla N115,000. Ka cire daga N420,000, saura N305,000. Bambancinsa da N272,000 shi ne N33,000 kacal. Ban ma taɓo haraji ba, don ba ka gaya mana ko N420,000 ɗin kafin haraji ne ko bayansa ba.

Ga inda nake so ka fi dubawa. A ce a shekara an yi wata biyu ba a biya ka ba, abin da ba baƙo ba ne a kasuwa idan kuɗi sun maƙale a kaya. Wata goma sau N420,000 miliyan 4.2 ne, ka raba gida 12, N350,000 ke nan. Cire N115,000, ka dawo N235,000, ƙasa da inda ka baro. Ba cewa nake kada ka tafi ba. Cewa nake albashin ba shi ne dalilin tafiyar ba. Abin da ke cikin tayin nan mai nauyi shi ne kashi 5 ɗin, kuma shi ne ba ka gaya mana komai a kansa ba.

Abban Khadija:
Allah ya saka da alheri. Gaskiya ban taɓa lissafa shi haka ba, duk da lissafi ne sana'ata. Maganar kashi 5, a falonsa ya faɗa mini da baki bayan sallar Juma'a. Ban tambayi komai ba, kunya ta kama ni, tamkar uba yake a wurina.

Nura Ɗan Kasuwa:
Malam, ni a Dawanau nake wuni shekara 14, bari in gaya maka yadda abin yake daga ciki. Kasuwar nan akwai kuɗi, ba ƙarya. Amma na kaka ne. Riɗi yana shigowa daga wajen Oktoba, zoɓo ya biyo baya, daga nan har zuwa bazara ba ka da lokacin kanka, motoci na sauke kaya, ana tankaɗe, mata na tsince, ana awo ana ɗinke buhu. Da damina ta zauna sai wuri ya yi sanyi. Tambayar farko da za ka yi ita ce: a Yuli da Agusta ana biyan albashi cikakke? Kada ka tambayi Alhaji. Ka tambayi mai gadi da direba da yaron sito, ka sayo musu shayi ku zauna. Su ne za su gaya maka ranar da kuɗi ke shiga hannunsu.

Na biyu, wanda kake shirin maye gurbinsa, ina yake? Me ya fitar da shi? Ka neme shi. Idan cikin shekara uku an yi akanta uku, ka san ruwa ba ya tsami banza.

Na uku, riba. Yawancin iyayen gidanmu aljihunsu da asusun kamfani ɗaya ne. Kuɗin Umara daga nan, auren 'ya daga nan, sabuwar mota daga nan. Ba zalunci suke nufi ba, haka suka taso suna yi, dukiyarsu ce. Amma ƙarshen shekara sai a ce maka ba a ci riba ba, kuma a takarda gaskiya ne. A ce an ci miliyan 60, naka miliyan 3 ne. Idan an zare miliyan 40 na hidimar gida kafin a lissafa, naka ya koma miliyan 1. Ni da zan ba ka shawara, ka roƙi a mayar da shi kuɗi tsayayye a kan kowace kwantena da ta fita. Kwantena ƙarama ta riɗi tana ɗaukar kimanin tan 19, ana ƙirga ta, tana da takardu, ba wanda zai yi gardama a kan ko ta fita ko ba ta fita ba.

Sadiƙ Naibawa:
Amma Yaya Nura ai shi ne zai riƙe littafin. Wa zai ɓoye masa riba?

Nura Ɗan Kasuwa:
Riƙe littafi daban, ikon cewa "Alhaji wannan ba kuɗin kamfani ba ne" daban. Mutumin da kunya ta hana shi tambayar albashinsa, zai iya wannan? Sannan akwai abin da ba laifin kowa ba. Ka sayi kaya da tsada dala ta sauko kafin kuɗinka su dawo. Ko kaya su isa can a ce an sami ƙwari ko danshi a rage farashi. Ko gwamnati ta wayi gari da doka, kamar yadda aka dakatar da fitar da ɗanyen kaɗe a Agustan 2025, masu kaya a sito suka ga farashi ya faɗi a gabansu. Shekara irin wannan kashi 5 na babu, babu ne.

Maman Yusra:
Ni tambayata, me zai hana ya haɗa biyun? Tunda ya ce ba aikin da yake yi a ofis, ya leƙa da safe ya sa hannu ya wuce Dawanau. Mutane da yawa haka suke yi.

Lauya Ɗan Fagge:
Maman Yusra, suna yi, amma ba daidai ba ne, kuma ga wanda shugabansa ke neman sa da laifi wannan miƙa wuya ne. Kundin tsarin mulkin 1999, a jadawali na biyar, ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci shiga tafiyar da kasuwanci mai zaman kansa, noma kaɗai aka ware. Balle albashin da zai karɓa bai yi aikinsa ba, wannan kuma tsakaninsa da Allah.

Abban Khadija, ni abin da ya tsaya mini a rai kowa ya wuce shi. Ka ce ana kawo maka takardun kayan da ba ka gani ba ka sa hannu. Sau biyu ka ƙi. Sauran fa?

Abban Khadija:
Na sa a wasu, Barista. Ba zan ɓoye ba. Shi ne abin da ya fi ci mini rai.

Lauya Ɗan Fagge:
To ka ga aikin da ake kira tabbatacce ba tabbatacce ba ne. Ranar da masu bincike suka zo, ba za su tambayi wa ya ba da umarni da baki ba, sa hannun da ke kan takarda za su bi. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Kuma ajiye aiki ba ya goge sa hannun da ka riga ka yi. Saboda haka ko za ka zauna ko za ka tafi, daga gobe kada ka ƙara sa hannu a abin da ba ka tabbatar ba. Idan an turo, ka rubuta a jikin fayil ɗin cewa kana buƙatar takardar shigar kaya sito da rasit kafin ka ci gaba, ka sa kwanan wata. Ba faɗa, ba ɗaga murya. Sannan ka rubuta takardar neman canjin sashe ko canjin gari ta hanyar da ta dace. Baba ya yi gaskiya cewa shugaba baƙo ne, amma haƙurin da ake nufi ba ya haɗa da wannan.

Idan kuma tafiyar ce, ka fita ta ƙofa. Ka ba da sanarwar wata guda a rubuce, ka miƙa kayan gwamnati, ka biya bashin ƙungiya, ka karɓi takardar amincewa da ajiye aikinka. Wanda ya ɗauke ƙafa kawai, korarsa ake yi, kuma korarre ya rufe wa kansa ƙofar aikin gwamnati.

Baba Mai Ritaya:
Barista, na karɓi gyara. Ban lura da maganar sa hannun ba. Wannan kam ba a haƙuri da shi. Amma har yanzu ina kan bakata: ya nemi canjin wuri tukuna. Kuma akwai hutu ba albashi, a zamaninmu mutane na ɗauka su je su gwada wani abu su dawo.

Lauya Ɗan Fagge:
Akwai shi Baba, sai dai ba haƙƙi ba ne da mutum zai ce dole a ba shi, sai an ga dama an amince, kuma takardar ta teburin wannan shugaban za ta fara bi. Ban kuma ba shi shawarar ya rubuta dalilin ƙarya don a ba shi ba. Abin da yake hannunsa tabbas shi ne hutunsa na shekara, kwana 30 a matakinsa. Ya ɗauka, ya je ya zauna a wurin ya ga yadda ake yi, ba a matsayin ma'aikaci ba.

Ummu Sadiya:
Ku ba ni dama in faɗi nawa. Maigidana ya bar aikin koyarwa ya koma wurin wani attajiri a Kantin Kwari, mutumin kirki, bai taɓa riƙe masa ko sisi ba. Shekara uku muna cikin wadata. Ranar wata Talata Allah ya karɓi ran attajirin. Kafin sadakar arba'in 'ya'ya sun rufe shaguna sai an raba gado. Maigidana yana bin ladan shekara guda, ba takarda, ba shaida, sai "ai Baba bai gaya mana ba". Wata tara muka yi, na sayar da 'yan kunnena da keken ɗinkina, muka cire yara biyu daga makarantar kuɗi. Ina tuna ranar da na auna shinkafa gwangwani uku na tsaya ina tunanin ko in mayar da ɗaya saboda gobe. Ba ina tsorata ka ba ne, yanzu Alhamdu lillahi ya tsaya da ƙafarsa, har yana cewa abin da ya koya a Kwari ne jarinsa. Amma don Allah ka zauna da Maman Khadija ka nuna mata lissafin nan na Hajiya, lamba da lamba. Ita ce za ta riƙa auna gwangwanin.

Hajiya Akanta:
Ummu Sadiya ta taɓo wurin. Shi ya sa za ka duba ko kamfani ne mai rajista ko sunan kasuwanci kawai. Ka shiga shafin hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ka rubuta sunan. Idan lambar ta fara da RC, kamfani ne mai zaman kansa a idon doka, yana nan ko mai shi ya rasu. Idan BN ce, to kasuwancin shi ne Alhaji, Alhaji shi ne kasuwancin. Takardar ɗaukar aikinka ta fito da sunan kamfanin, ba da sunansa ba.

Sai tambaya ta ƙarshe: nawa ka ajiye, kuma nawa gidanka ke ci a wata?

Abban Khadija:
Gida yana cin kusan N240,000 in an haɗa da kuɗin makaranta, ɗinkin da uwargida ke yi ne ke cike giɓin. Ina da N600,000 a ajiye, sai wani fili a hanyar Gezawa.

Hajiya Akanta:
Bashin ƙungiya N440,000 ne, kuma za su nemi abinsu kafin su sallame ka. Saura N160,000, ko wata ɗaya bai kai ba. Ni a ganina mai iyali bai kamata ya shiga irin wannan ba sai da abin wata shida a gefe, wato kusan miliyan 1 da dubu 440. Ko dai fili ya tafi, ko Alhaji ya biya maka bashin a matsayin kuɗin shiga, ko ka ce masa sai kaka mai zuwa, lokacin bashi ya ƙare.

Nura Ɗan Kasuwa:
A nan na saɓa da Hajiya. Kujera a Dawanau ba ta jiran mutum shekara guda. Kuma duk kun tsaya a kan albashi. Mutumin da ya yi kaka biyu a cikin sito, ya san masu kawo kaya daga Jigawa da Binuwai, ya iya cike takardar fitar da kaya ta NXP, ya san yadda ake mu'amala da masu saye na waje, wannan ko Alhaji ya sallame shi gobe wani zai ɗauke shi, ko ya fara dillancin kansa. A inda yake yanzu me yake koya? Shekara 21 suka rage masa kafin 60. Zai yi su yana kallon bango?

Malam Na Ƙofar Mata:
Abban Khadija, ka yi istihara, amma ka sani ana yin ta ne tare da bincike da shawara, ba a madadinsu ba. Kuma ka cire kunyar nan. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Idan ka ce wa Alhaji a rubuta, ba rashin yarda ba ne, kare zumuncin da ke tsakaninsa da mahaifinka ne. Ka tafi da wani babba, kawunka ko wanin sa, shi ya furta abin da bakinka ba zai iya ba.

Abban Khadija:
Salam. Na dawo da bayani bayan kwana tara. Na duba CAC, RC ce, daraktoci shi da 'ya'yansa biyu. Na je da kawuna ranar Asabar. Alhaji bai ji haushi ba ko kaɗan. Ya yarda a rubuta N420,000 bayan haraji, wata 12, kuma zai biya bashin ƙungiya a riƙa cirewa a hankali. Fansho ya ce ba ya yi wa kowa. Da kawu ya kawo maganar kuɗi a kan kowace kwantena, sai ya yi shiru, ya ce sai ya yi magana da babban ɗansa, don shi ke kula da fitar da kaya. Direba ya gaya mini bana an yi jinkirin albashin Yuli da sati uku amma an biya. Tsohon akantan na same shi a waya, ya ce shi da Alhaji lafiya suka rabu, da ɗan ne ba su jitu ba, bai ƙara komai ba.

A ofis na mayar da fayil biyu da rubutu kamar yadda Barista ya ce, kuma na miƙa takardar neman canjin sashe. An amince mini da hutu daga 15 ga Satumba. Maman Khadija ta ce ita fili ne ba ta yarda a taɓa ba.

Nura Ɗan Kasuwa:
To ashe ba Alhaji ne zai zama maigidanka ba, ɗan ne. A cikin hutun nan ka fi zama kusa da shi. Ka lura ko zai buɗe maka takardun banki na bara da kansa, ko sai ka roƙa.

Baba Mai Ritaya:
Kuma kada ka rubuta takardar ajiye aiki sai ta Alhaji ta shigo hannunka da sa hannu da hatimi. In amsar canjin sashe ta riga fitowa, ka dawo nan mu sake zama.